Ƙarama ko babba? Waya ta faɗi sau biyu a mako ɗaya

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kafin in canza waya. Wadda ke hannuna inci 6.7 ce, kuma da ba ni da matsala da ita. Amma tun da na haihu, hannu ɗaya kullum yana riƙe da yaro, ɗayan ne kawai nake da shi. A makon nan sau biyu tana kuɓuce mini, na biyun har gilashin kariya ya tsage. Duka biyun ina miƙa babban yatsa ne zuwa saman allo in taɓa kibiyar komawa baya. Ga shi gefen wuyan hannuna ya fara ciwo da dare. In koma inci 6.1 ko 6.2 zai magance, ko sai na nemi mai ƙanƙanta sosai? Ina tsoron in sayi ƙarama in yi nadama, don ina yawan karatu a waya.

Dogon Yaro: Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kada ki soma. Wanda ya saba da babban allo ba ya komawa ƙarami ya ji daɗi. Tsakanin 6.1 da 6.7 fa rabin inci ne da ɗan wani abu, me zai canza a riƙo? Ki sa mata zobe a baya kawai ki huta. Ƙananan wayoyi batirinsu ba ya kai yamma.

Kawu Mai Tabarau: 'Yata, ki ɗauki babba. Ni da na sayi ƙarama, wata uku ta cika da hotunan jikoki, kullum sai gogewa. Kada ki yarda da ƙasa da 128.

Ɗan Auta: Kawu, ba girman ma'ajiya take nufi ba, girman jikin wayar take nufi 😄

Kawu Mai Tabarau: To ai shi ke nan, ku yara kun fi mu gani. Amma maganata tana nan, ta duba ma'ajiyar ma.

Mai Gyara: Maman Biyu, sannu da hidima, Allah ya raya. Kafin kowa ya zaɓa miki, ki yi mini abu biyu. Ki ɗauki rula ki auna faɗin wayar daga gefe zuwa gefe, da kes da kuma ba kes. In kina da ƙaramin sikeli, ki ɗora ta ki gaya mini giram nawa, shi ma da kes da babu.

Dalilina shi ne incin nan da ake rubutawa a kwali ba ya faɗin yadda waya za ta zauna a hannu. Awon allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace, ba a sa bakin da ke kewaye da allon a ciki ba, kuma bai gaya miki ko allon dogo ne siriri ko gajere ne mai faɗi ba. Misalin da nake yawan bayarwa: iPhone 8 Plus ta 2017 inci 5.5 ce, amma faɗin jikinta milimita 78.1, nauyinta giram 202. iPhone 15 inci 6.1 ce, faɗinta milimita 71.6, nauyinta giram 171. Wato mai babbar lambar ita ce ƙarama a hannu, ta fi siranta da milimita shida da rabi. Wanda ya bi inci kawai zai ɗauki 8 Plus yana murnar ya samu ƙarama.

Hannu faɗi yake ji kafin komai. Yatsu huɗu suna zagayawa ta baya su kama wancan gefen, babban yatsa kuma yana aiki a gaba. Duk milimitar da ta ƙaru a faɗi, daga cikin waɗannan biyun ake cire ta: ko riƙon ya yi sako-sako, ko babban yatsa ya gaza kaiwa.

Dogon Yaro: Oga, milimita shida fa? Ko kaurin fensir bai wuce haka ba. Kana so ka ce fensir ne ya jefar mata da waya?

Mai Gyara: Ƙwarai kuwa, kusan haka nake so in ce. Gwada da kanka. Riƙe wayarka yadda ka saba, ka kai babban yatsa kan harafin da ke can ƙarshen kibod a ɗaya gefen. Yanzu ka sa fensir tsakanin tafinka da gefen wayar ka sake gwadawa. Kai da ake kira Dogo wataƙila kana da rarar da za ta shanye. Mai ƙaramin hannu ba ta da wannan rarar, a bakin iyakarta take tun farko.

Kuma rabin incin da ka raina ba a faɗi kaɗai yake fita ba. A allo mai siffar 19.5 da 9, wato in tsawo ya yi 19.5 faɗi ya yi 9, wadda wayoyi da yawa suke da ita yanzu, inci 6.1 yana ba da allo mai faɗin kusan milimita 65 da tsawon kusan 141. Inci 6.7 kuma kusan 71 da 155. Tsawon ya ƙaru da kusan milimita 14, kuma can sama ne kibiyar da take nema take. Amma ina ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya: filin allon gaba ɗaya ya ƙaru da kusan kashi ashirin cikin ɗari, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai karatu.

Maman Biyu: Na auna, Malam. Ba kes faɗinta 77, da kes 80. Nauyi ba kes 205, da kes 243. Wallahi na yi mamaki, ban taɓa zaton kes ɗin nan ya kai haka ba. Irin mai kaurin nan ne mai kusurwoyi kamar taya, na sa shi ne saboda faɗuwa.

Ɗan Auta: Anti kin ga abin dariyar? Kes ɗin da kika sa don faɗuwa shi ke taya ta faɗuwa.

Mai Gyara: Ɗan Auta bai yi ƙarya ba. Giram 243 kin wuce iPhone 14 Pro Max tsirararta, wadda take giram 240, kuma ita ce mutane suka yi ta kuka da nauyinta har kamfanin ya koma titaniyom a 15 Pro Max ta sauko 221. Faɗi 80 kuma kin wuce Galaxy S24 Ultra, mai 79. Wato kina riƙe da abin da ya fi manyan wayoyin kasuwa girma, da hannu ɗaya, da jariri a ɗayan.

Bari in yi bayanin yadda faɗuwar take faruwa, don na san ba sulɓi ba ne kawai. In kina rubutu da hannu ɗaya, ƙasan wayar kike riƙewa, ƙaramin yatsa yana tokare da gindinta, sauran yatsun suna baya. Sauran jikin wayar yana sama da hannunki ba abin da ya tallafe shi, yana rinjaya baya. Da kin tashi kai babban yatsa sama, ba ya kaiwa, sai ki sassauta riƙon ki ɗan jefa wayar ƙasa cikin tafinki, ko ki zame hannun sama. A wannan daƙiƙar ƙaramin yatsa ya bar gindinta, yatsun baya ba su kama sabon wuri ba tukuna. Nan take tafiya. In yaro ya motsa a daidai lokacin, shi ke nan.

Ga lissafin rinjayen a sauƙaƙe. Ɗauki S24 da S24 Ultra, tunda gida ɗaya suka fito a shekara ɗaya. Ƙaramar tsawonta milimita 147, nauyinta giram 167. Babbar tsawonta 162, nauyinta 232. Mu ɗauka tsakiyar nauyin kowacce yana tsakiyar jikinta, mu kuma ɗauka yatsunki sun tallafe ta zuwa milimita 50 daga ƙasa. A ƙaramar, tsakiyar nauyin ya wuce yatsunki da kusan milimita 23, a babbar da 31. Ki ninka kowanne da nauyinsa: na farko ya kusa 3,900, na biyu ya kusa 7,200. A sikeli babbar ta fi ƙaramar da kusan kashi arba'in cikin ɗari ne kawai, amma ƙarfin da take murɗa hannu da shi ya kusa ninki biyu. Lissafin kan tebur ne, riƙon kowa daban, amma shi ya sa mutum zai ce waya ta yi masa nauyi alhali bambancin giram ɗin bai kai yadda yake ji ba.

In kina son ganin inda nauyin taki yake, kwantar da biro a kan katifa, ki ɗora wayar a gicciye, ki matsa ta har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. In wurin ya haura tsakiya zuwa wajen kyamara, to mai nauyin kai ce, ta fi wahalar riƙo ko da giram ɗinta bai yi yawa ba.

Bahaguwa: Ni tawa matsalar daban ce, amma bari in sa baki tunda an taɓo riƙo. Da hagu nake komai. Wayata maɓallan ƙara da na kashewa duk suna dama, masu hannun dama babban yatsansu ke faɗawa kai, ni kuwa sai da manuniya ko na tsakiya, kuma in wayar ta yi faɗi sai in ji ina matse ta kamar zan fasa. Sau nawa ina ɗaukar hoton allo ba da niyya ba. Don haka Maman Biyu, ki lura da wane hannu ne yake sake in kin ɗauki yaro. Yawancinmu da hagu muke saɓa yaro, amma in ke da dama kike saɓawa, to da hagu za ki gwada wayar, ba da hannun da kika fi ƙwarewa ba.

Maman Biyu: Kin ga kuwa ban yi wannan tunanin ba, 'yar'uwa. Canzawa nake yi, in wannan ya gaji in mayar wancan. Faɗuwar ta biyu ma da hagu ce.

Ɗan Auta: Ni dai maganata ɗaya ce: iPhone 13 mini. Inci 5.4, faɗi milimita 64.2, nauyi kusan giram 140. Ba kusurwar da yatsana ba ya kaiwa. Ina tafiya ina rubutu, ina mantawa tana aljihu. Duk wannan lissafin na Mai Gyara ba ya tasowa.

Dogon Yaro: In tana da kyau haka me ya sa aka daina yin ta? Tun 2023 suka janye ta, ba su sake yin mini ba. Kuma faɗa mana gaskiya, sau nawa kake caji a rana?

Ɗan Auta: Sau biyu in na matsa mata. Amma ta tsufa ne.

Dogon Yaro: Ka ji ko. 😂

Mai Gyara: Maganar batir Dogo yana da rabin gaskiya. Batir wuri yake ci, ƙaramin jiki ƙaramin batir: S24 tana da 4,000 mAh, Ultra tana da 5,000. Amma babban allo shi ma ya fi shan wuta, don haka ba a cewa kashi 25 na ƙarin batir kashi 25 ne na ƙarin lokaci. Babbar tana daɗewa fiye da ƙaramar, wannan ba musu, sai dai tazarar tsakanin 6.1 da 6.7 ba ta kai tazarar da ke tsakanin mini da sauran ba. Kuma ana iya sa babban batir a siririn jiki in an yarda da kauri. Zenfone 10 ta Asus faɗinta milimita 68 ne, amma kaurinta 9.4, ta ɗauki 4,300 mAh. Ni a wurina kauri kaɗan ya fi faɗi sauƙin jurewa, har yana ba yatsu abin kamawa.

Mini kuma ba zan ba mai yawan karatu shawararta ba. Layin rubutu yana gajarta, kibod yana matsewa, in kuma kika ƙara girman haruffa sai ki ga kalma huɗu a layi, kina ta jan allo. Yatsan da kika hutar da shi daga miƙewa sai ya gaji da ja.

Kawu Mai Tabarau: Yawwa, yanzu kun zo inda nake ji. Ni haruffan nan na ƙara su har ƙarshe. A ƙaramar waya saƙo ɗaya sai ya cika allo. Ba don ado nake riƙe babba ba. Amma ni a zaune nake dubawa, hannu biyu, ba mai ja mini riga.

Nas Ta Dare: Maman Biyu, ina so in tsaya kan ciwon, don an wuce shi da sauri. A ina yake daidai? In a gefen wuyan hannu ne ta wajen gindin babban yatsa, kuma yana ƙaruwa in kin ɗaga yaro ko kin matse tsumma, akwai wanda ake kira De Quervain, jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ne suke takura a wurin da suke wucewa. Yana yawan kama masu jego, saboda yadda ake cusa hannu a hammatar jariri a ɗaga shi babban yatsa a buɗe. Waya tana iya ƙara masa, amma mai yiwuwa ba ita ta jawo shi ba. Kada ki kashe kuɗi ki canza waya kina jiran ciwon ya tafi. In ya wuce 'yan makonni, ko akwai kumburi, ko yatsu suna mutuwa, ki je a duba ki.

Maman Biyu: Daidai wurin da kika faɗa ne, Anti Nas. Kuma gaskiya ɗaga shi daga gado ya fi yi mini zafi a kan riƙe wayar. Zan je in sha Allah.

Dogon Yaro: To kun gani! Ashe ba laifin wayar ba ne. Zobe kawai, na faɗa tun farko.

Nas Ta Dare: Ban ce ba laifinta ko kaɗan ba, ƙanena. Miƙa babban yatsa can nesa da nauyi a tafi, sau ɗari a yini, ba hutu ba ne ga jijiyar da ta riga ta gaji.

Mai Gyara: Zoben yana da amfani, ban raina shi ba. Yana hana faɗuwa, yana sauke wa ƙaramin yatsa aikin tokara. Abin da ba ya yi shi ne ƙara wa babban yatsa tsawo. Hasali ma yana kafe hannu a wuri ɗaya, in an manna shi a tsakiya sai ƙasan kibod ya yi nisa, in an manna shi ƙasa sai sama ta fi ƙarfinki. Wasu kuma suna hana cajin da ake ɗora waya a kai ba tare da igiya ba.

Kafin ki sayi komai, ga abin da zan yi in ni ne, kwana uku kawai. Ki cire wancan kes ɗin ki sa siriri mai ɗan kaushi, ba mai santsi ba. Ki daina neman kibiyar sama: in wayar Android ce, ki koma tafiyar da ita da shafa, sai ki ja daga gefen allo ki koma baya, dama ko hagu duk ɗaya, wanda zai yi miki daidai tunda kina canza hannu. Ki kunna One-handed mode, wato yanayin hannu ɗaya. A Samsung yana Settings > Advanced features, a wasu kuma sai ki rubuta sunan a wurin bincike na Settings. A iPhone sunansa Reachability, yana Settings > Accessibility > Touch, yana sauko da saman allo zuwa tsakiya. Kibod ma ana matso da shi gefe: a Gboard ki danne maɓallin waƙafi ki riƙe, za ki ga alamar hannu ɗaya.

In bayan kwana ukun har yanzu kina jefa wayar cikin tafi don ki kai wani wuri, to faɗin ne ya fi hannunki, ba saiti da zai gyara.

Bahaguwa: Ni na gwada wannan yanayin hannu ɗayan na bari. Kullum sai ka tuna ka kira shi, ka taɓa abu ɗaya, ya koma. Taɓawa ɗaya ta zama biyu. Na kibod ɗin ne kawai na riƙe, shi kam yana zama inda na ajiye shi.

Mai Gyara: Haka ne, dabara ce ta lokaci-lokaci. Wanda yake kiran sa sau hamsin a rana ya sayi wayar da ba tasa ba.

Maman Biyu, in ta kai ga saye, kada ki tsaya kan hoto. Samo kwali mai ɗan kauri ki yanka biyu: ɗaya 147 da 71, ɗaya 162 da 78, ki ƙara milimita biyu ko uku a faɗin kowanne saboda kes. Ki riƙe kowanne da hannun da ya fi rauni, ki sa biro ki yi alama a iyakar inda babban yatsa yake kaiwa ba tare da kin motsa riƙon ba. Abin da nake nema shi ne yatsan ya kai ɗaya gefen a daidai layin kibod. Kusurwar sama ta can nesa kam ki manta da ita, ko a 6.1 mutane da yawa ba sa kaiwa.

Maman Biyu: Na dawo da rahoto. Na cire kes ɗin, na sa siriri, yanzu 78 da rabi, giram 224. Ja daga gefe ya taimaka sosai, tun shekaranjiya ba ta faɗi ba. Kwalin kuma na yanka. A ƙaramin kwalin, babban yatsana yana kaiwa ɗaya gefen da kowane hannu. A babban, da dama saura kaɗan, da hagu kuwa saura kusan faɗin yatsa guda. Amma da na ɗora ƙaramin kwalin a kan allon da nake karatu, na ga layuka uku da zan rasa a kowane shafi, sai jikina ya yi sanyi.

Ɗan Auta: Mako ɗaya za ki saba, Anti. Ido yana mantawa da sauri.

Dogon Yaro: Yaro ma yana girma da sauri. Nan da shekara ya sauka daga hannu, ita kuma wayar shekara uku ko huɗu za ki yi da ita. Ki yi lissafi.

Mai Gyara: Wannan kam Dogo ya kawo magana. Sai dai hannunta ba zai ƙara girma ba bayan shekarar.

Maman Biyu: Ku biyun kun ƙara rikita ni 😅 Zan bar wannan a hannuna zuwa in ga likita tukuna. Malam Mai Gyara, akwai masu inci 6.3 ko 6.4 da faɗinsu bai wuce 72 ko 73 ba? In akwai, zan yanka kwali na uku.